Ƙafarka Ce Alƙali: Nasiha Ga Matasan Adar Masu Gudu

Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba a garin Tawa ya san su. Samari ne rukuni-rukuni, wasu sun miƙi hanyar Agadas, wasu ta Birnin Ƙonni, wasu kuma suna zagaya filin wasa tun rana ba ta ɗago ba. A cikinsu akwai mai shirin gwajin shiga soja ko jandarma, akwai ɗalibin da jarrabawar wasanni ke gabansa, akwai ɗan ƙwallo, akwai ɗan kokowa mai neman ƙarin numfashi. 'Yan mata ma sun fara shiga sahu, kuma abin farin ciki ne. Ni dai in sun gifta ni, ƙafafunsu nake kallo. Ina ganin mai gudu a kan kwalta da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi, da wanda takalmi ya matse shi har yana ɗingishi, da wanda nasa ya karkace gefe guda kamar tsohon amalanke. Ƙannena, saboda ku na ɗauki alƙalami, domin wani ciwon da ke zaunar da ku a gida ana iya kauce masa tun a bakin rumfar mai takalma.

Zan ba ku labarin ɗan ƙanwata, domin a kansa na ga abin da idona. Yaro ne ɗan shekara 19, yana shirin gwajin ɗaukar aiki, yana gudu kwana huɗu a mako, jimilla kamar kilomita 30. Wansa da ke bida a Abijan ya aiko masa da kambas sabo fil, lamba 42, wadda ita ce lambar da yake sawa in za shi biki. Yaro ya yi murna, ya ajiye tsohon nasa a ranar. Kafin mako uku farcen babban yatsansa na dama ya yi baƙi, bororo ya fito masa a gefen ƙaramin yatsa, sannan agararsa, wato jijiyar bayan dunduniya, ta fara tsami in ya tashi da safe. Ya zo wurina yana cewa, “Kawu, anya ba sammu aka yi mini ba?” Na ce ya kawo takalmin. Da muka auna, sai muka tarar da laifi biyu a cikinsa, kuma babu ko ɗaya da ya shafi tsadarsa ko sunan kamfanin da ya yi shi. Zan faɗa muku laifuffukan a inda kowanne ya dace.

Abu uku ake dubawa a takalmin gudu, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Na farko shi ne yadda ya zauna a ƙafa. Na biyu katifarsa, wato soson nan mai kauri da ke tsakanin tafin ƙafa da robar da ke taɓa ƙasa. Na uku gangarensa, wato yadda dunduniya ta ɗara gaban ƙafa tudu. Mai sayarwa zai fara nuna maka launi da tambari, abokinka zai yaba kaurin katifa. Kai ka fara da zama, domin takalmin da bai zauna ba, duk sauran kirkinsa banza ne. A shekarar 1960, a gasar Olamfik ta birnin Roma, ɗan Habasha Abebe Bikila ya samu sabon takalmi da bai dace da ƙafarsa ba, ya yi masa bororo. Sai ya ajiye shi, ya yi gudun fiye da kilomita 42 ba takalmi, ya kuma zo na ɗaya. Bayan shekara huɗu, a Tokiyo, ya sake yin nasara, wannan karon da takalmi a ƙafarsa. Ba ina cewa ku fita ƙafa tsirara cikin tsakuwa da ƙarangiyar Adar ba ne. Darasin shi ne, gwanin duniya ma ya ga gara babu da takalmin da ke cin ƙafa.

To, yaya ake gane ya zauna? Ku tuna dabarar iyayenmu mata in sallah ta gabato: a karya tsinke daidai tsawon ƙafar yaro, a tafi kasuwa da shi. Dabarar tana nan daram, gyara kaɗan take so. Ka tsaya a kan takarda, dunduniya jingine da bango, nauyinka duka a kan ƙafar, wani ya yi alama a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Ga wasu mutane babban yatsa ne, ga wasu mai bi masa ne. Ka auna ƙafa biyun duka, domin da wuya su zo daidai, kuma da babbar za ka yi aiki. Ka yi awon da yamma ko bayan gudu, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Sai ka ƙara faɗin babban yatsan hannunka a kan tsawon, wato santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan sarari ba na ado ba ne. Duk takun da ka yi a guje, ƙafa tana bajewa tana zamewa gaba kaɗan, ga kuma zafin ƙasarmu da ke ƙara mata kumburi. In babu sarari, farce ne zai yi ta dukan bakin takalmi sau dubbai, har jini ya taru a ƙarƙashinsa.

Laifin farko a takalmin ɗan ƙanwata ke nan. Ƙafarsa ta hagu santimita 26 ce, ta dama 26 da rabi. Muka zare shimfiɗar cikin takalmin muka auna, sai ga ta 26 da rabi cif. Ashe ƙafar dama ba ta da ko wurin numfashi. Abin da yake bukata shimfiɗa ce mai tsawon 27 da rabi zuwa 28. Saboda haka kada ku riƙe lamba kamar karatun allo. A lambobin da muka saba da su, waɗanda ake rubuta EU a gabansu, tsakanin lamba da mai bi mata kashi biyu cikin uku ne na santimita, kuma 42 na wannan kamfani ba lallai ya zo daidai da 42 na wancan ba. In ɗan'uwanka da ke Abijan, ko Legas, ko Libiya zai saya maka, kada ka ce masa lamba kaza. Ka ce ya zare shimfiɗar ciki ya auna ta da awon tela, ka ba shi tsawon a santimita. Ku kuma 'yan mata, ku sani takalmin da aka yi domin mata yakan fi na maza matsi, kuma lambar US ta mata daban take da ta maza. In na maza ya fi zauna miki, ki ɗauka ba tare da wani shakku ba.

Faɗi ma yana da nasa hukunci. Mu da muka tashi cikin silifa da takalmin fata, ko ma ƙafa a ƙasa a gona, yatsunmu a baje suke, alhali yawancin kambas tsukakke ne ta gaba. Ga gwaji mai sauƙi: ka ajiye shimfiɗar ciki a ƙasa ka taka ta. In gefen ƙafarka ya zubo waje, takalmin ya yi maka ƙunci, ko da tsawonsa ya kai. In ka wuce wannan, sai ka sa duka biyun da irin safar da kake gudu da ita, ka ɗaure igiya, ka ɗan sassarfa a gaban rumfar. Yatsu su iya motsi, tsakiyar ƙafa ta riƙu ba tare da zafi ba, dunduniya kuma kada ta riƙa ficewa. In tana ɗan ɗagawa, akwai ƙaramin rami na ƙarshe a saman jerin ramukan igiya wanda yawancin mutane ke tsallakewa. Ka bi da igiya ta nan, zai kama idon sawu. Amma in wani wuri yana cizonka tun a kasuwa, kada ka yarda da maganar “zai buɗe”. Takalmin fata ne ke buɗewa. Na gudu da zaren roba ake saƙa shi, kuma tsawonsa ba ya ƙaruwa.

Mu koma kan katifa. Aikinta shi ne ta rage kaifin duka, domin a guje kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin da ya kai na jikinka ninki biyu zuwa uku. Yawancin takalman da ke isowa kasuwanninmu, katifarsu ta wani soso ce da ake kira EVA, wanda cike yake da ƙananan kumfan iska. Kowane taku yana matse kumfan, su kuma su sake tasowa, har ranar da za su gaji su kwanta. A ƙasar Lukzambur an yi wani bincike da aka buga a 2020, inda aka raba wa masu gudu 848 takalma iri ɗaya, sai dai na wasu katifarsa mai tauri ce, na wasu mai laushi. Masu taurin sun fi jin rauni, kuma bambancin ya fi fitowa a wurin marasa nauyin jiki. Wannan ya shafe ku kai tsaye, domin yawancinku ba masu jiki ba ne, kuma na sha jin ana cewa siriri ba ya bukatar katifa. Yana bukata, musamman in a kan kwalta yake gudu.

Sai dai laushi ba shi ne tudu ba. Kun ga irin takalman nan masu kauri kamar bulo da manyan gwanaye ke sawa, irin wanda Eliud Kipchoge ya yi gudun kilomita 42 da shi cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019. Tun 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kada kaurin takalmin tseren kan titi ya wuce milimita 40. An yi su ne domin shimfiɗaɗɗen titi da ranar gasa, suna da tsada, ba su kuma daɗewa. Ƙasarmu ba haka take ba. Wanda ke gudu a kan fakon Adar, ta wajen Kalfu, ko Barmu, ko kan duwatsun Keita, inda dutse ke mirginawa a ƙarƙashin ƙafa, in ya hau doguwar katifa mai lilo, targaɗe yake nema. A can abin da ake so shi ne matsakaicin kauri, ƙasa mai faɗi, da roba mai ƙarfi mai zanen riƙo, wadda ƙayar aduwa ba za ta huda cikin sauƙi ba. A yashi kuwa, ƙasar da kanta katifa ce. Wato kafin ka tambayi wace katifa, ka tambayi kanka a ina kake gudu.

Na uku shi ne gangare. In ka nemi bayanin wani takalmi a waya, za ka ga kalmar drop, da milimita a gabanta. Lissafin ba wuya: in katifar ƙarƙashin dunduniya milimita 32 ce, ta ƙarƙashin gaban ƙafa kuma 22, gangaren 10 ke nan. Takalman gudu na gama-gari sukan kasance tsakanin 8 da 12, akwai na tsakiya masu 5 zuwa 7, akwai kuma masu kwanciya daga 4 zuwa sifiri. Gangare ba ya kawar da nauyi, wurin sauke shi kawai yake sauyawa. In dunduniya ta yi tudu, agara da sha-raɓa suna samun sauƙi, gwiwa ta ɗauki ƙari. In takalmi a kwance yake, gwiwa ta ɗan huta, agara da sha-raɓa su biya. Masu binciken nan na Lukzambur sun gwada wannan ma, a binciken da aka buga a 2016: mutum 553, gangare iri uku, 10 da 6 da sifiri, tsawon wata shida. A jimlace babu wanda ya fi wani kariya. Amma a cikin waɗanda suka daɗe suna gudu a kai a kai, masu ƙaramin gangare sun fi samun rauni.

Abin da za ku riƙe a nan shi ne, babu lambar da ta fi kowace, sauyin gaggawa ne ke cutarwa. Laifi na biyu a takalmin Abijan ke nan. Tsohon kambas ɗin yaron gangarensa wajen 10 ne, sabon kuwa 4, shi kuma ya tashi daga wannan zuwa wancan a rana guda, da kilomita 30 ɗinsa a mako. Agara ba ta son a ba ta mamaki. Kada wani ya ce ai mu da silifa muka girma, ƙafarmu ta saba da kwance. Ta saba da shi a tafiya; gudu wani nauyi ne dabam. In za ka auna gangare a kasuwa, kada ka dogara da abin da ido ya gani daga waje, domin sau da yawa bangon katifa yana hawa sama ya rungumi dunduniya, sai ta yi kamar ta fi yadda take tudu. Ka zare shimfiɗa, ka sa yatsa a ciki inda dunduniya ke zama, ka yi alamar wurin daga waje, ka auna zuwa ƙasa, sannan ka yi haka a inda tushen yatsu ke sauka. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya nuna maka ko sabon yana kusa da wanda ka saba. In tazararsu ta wuce milimita 4, ka shige shi sannu: gajeren gudu ɗaya a mako, sannan biyu, har wata guda ko fiye.

Yanzu sai maganar aljihu, wadda na san ita ce a ranku. Yawancinmu gwanjo muke saye, wanda muke kira bosho, kuma babu abin kunya a ciki. Sau da yawa ma takalmin kirki da wani ya ɗan taka ya fi sabon jabu mai sheƙi, wanda aka fenta robarsa ta yi kama da soso alhali tauri gare ta kamar itace. Irin wannan kyan ɗan maciji ne. Amma gwanjo sai da ido, domin takalmin gudu yakan ƙare aikinsa ne tsakanin kilomita 500 da 800, kuma mai shi na farko ya riga ya ci wani kaso da ba a rubuta a jikinsa ba. Fuskarsa tana iya zama tsaf alhali katifar ta mutu, tun da wanki da goga ba sa tada soso.

Ga yadda nake dubawa, kuma ba ya cin minti biyar. Nakan fara ajiye shi a kan tebur ko benci mai daidai, in durƙusa in kalle shi ta baya. In ya jingina ciki ko waje, na bar shi, domin ya ɗauki takun wani kuma zai tilasta wa ƙafata bin sa. Sai in dubi gefen katifa: 'yan layuka marasa zurfi ba komai, amma tamoji mai zurfi kamar fatar tsoho alamar soso ya kwanta ne. Sai in zare shimfiɗa in danna babban yatsa a wurin dunduniya da wurin gaba. Mai rai yana nutsewa ya taso nan take, matacce kuwa ko ya ƙi nutsewa ko ya ƙi tasowa. Sai in juya ƙasansa. In roba ta cinye har farin soso ya leƙo, kwanansa ya kusa ƙarewa. Sai in lanƙwasa shi: ya kamata ya karyo a tushen yatsu, ba a tsakiya ba. In matsa bayan dunduniya in ji ko da sauran ƙarfi, in ja bakin roba in ga ko gam ya fara saki. Daga ƙarshe in karanta 'yar takardar da ke ƙarƙashin harshen kowanne, in tabbata lamba ɗaya ce, domin a cikin dila ana haɗa hagu da dama da ba tare aka yi su ba. Kamfanoni da yawa suna buga watan da shekarar da aka yi shi a wannan takarda. Wanda ya shekara da yawa, ko ba a taka shi ba, gam ɗinsa ya tsufa.

Da farcen yaron ya lafa, agararsa ta daina tsami bayan hutun mako biyu, sai muka shiga kasuwa ranar Lahadi da jika 20 da ya tara. Idonsa ya faɗa kan wani sabo mai ƙyalli na jika 18. Na ce masa, “Ɗana, da wannan kuɗin biyu za mu saya.” Muka ɗauki ɗaya a jika 8, mai laushin katifa, gangarensa kusa da 10, domin kwalta. Muka ɗauki na biyu a jika 7, mai ƙasa-ƙasa, mai ƙaƙƙarfar roba, gangarensa wajen 8, domin fako da tsakuwa. Jika ɗaya ta tafi a safa biyu, jika huɗu ya ajiye a matsayin somin kuɗin na gaba. Na Abijan kuwa ya ba ƙanensa da ƙafarsa ta fi ƙanƙanta.

Me ya sa biyu? Kada ku ɗauka karɓa-karɓa tana ninka ran takalmi. Kowanne kilomitocinsa zai ci ya mutu. Amfanin yana wani wuri. Na farko, takalma biyu da suka ɗan bambanta ba sa dukan wuri ɗaya a jiki kullum, yau nauyi ya fi sauka nan, gobe can, sai kowace gaɓa ta samu sararin warkewa. A wani binciken na Lukzambur an bi masu gudu 264 har mako 22, aka ga masu sauya takalma sun fi masu takalmi ɗaya tsira daga rauni da kashi 39 cikin ɗari. Bibiya ce aka yi, ba rabon takalma ba, don haka ba za a rantse cewa takalman kaɗai ne dalili ba, amma ya dace da abin da hankali ke nunawa. Na biyu, gumi yana samun kwana guda ya bushe, kuma busasshen takalmi ba ya saurin kawo bororo, wari da ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Na uku, fako ba zai cinye robar takalmin kwalta ba. Na huɗu, kana da ma'auni a hannu: ranar da ka sa ɗaya ka ji kamar a kan katako kake in an gwada da ɗayan, ka san ya gama.

Ga yadda muka tsara makonsa. Litinin kilomita 6 a hanyar ƙasa da mai ƙarfin roba. Laraba 8 a kwalta da mai laushi. Juma'a 5 na sauri a filin wasa da mai ƙarfin roba, tun da ya fi sauƙin nauyi. Masana sun auna cewa kowane giram 100 da ya ƙaru a takalmi yana ƙara wa mai gudu wahala da kamar kashi ɗaya cikin ɗari. Lahadi 11 a kwalta da mai laushi. Wato mai laushi yana cin 19 a mako, ɗayan 11. Muka ƙaddara kowanne saura kilomita 400 gare shi, tun da gwanjo ne. Na kwalta zai kai mako 21, kusan wata biyar. Ɗayan zai kai mako 36, fiye da wata takwas. Kun ga ba za su mutu rana ɗaya ba, kuma wannan shi ne babban sirrin mai ƙaramin ƙarfi. Jika 8 a kan kilomita 400, dala huɗu ke nan kowace kilomita. In yana jefa dala 50 a asusu kowane mako, a cikin mako 21 zai tara jika biyar da ɗoriya, ga kuma huɗun da ya ajiye. Ranar da takalmi zai mutu, kuɗin magajinsa na hannu.

Wanda ba shi da halin biyu a lokaci guda, kada ya karaya. Ka sayi ɗaya mai kyau, ka yi gudu da shi kaɗai, in ya kai rabin ransa sai ka nemo na biyu, su yi tafiya tare. Kada ka jira sai tsohon ya yage sannan ka faɗa cikin sabo gaba ɗaya. Kuma ka keɓe shi domin gudu: ba zuwa makaranta, ba ƙwallo, ba hawan kabu-kabu, ba gona. Duk takun da ka yi da shi a kasuwa, daga kilomitocin gudunka ka cire. Ka samu ƙaramin littafi, ko bayan littafin makaranta, ka riƙa rubuta rana, nisa, da wanda ka sa. In ba ka san nisa ba, ka rubuta mintoci, ko ka lura da duwatsun kilomita da ke bakin babbar hanya.

Rana ita ce babbar abokiyar gabar takalmi a ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wanda ya shanya takalminsa a kan rufin kwano ko ya bar shi cikin akwatin babur yana dafa soso ne, yana narka gam. Ka kakkaɓe yashin ciki bayan kowane gudu, domin yashi kamar magagari yake ga safa da fata. Ka zare shimfiɗa, ka wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa inda iska ke bi. Na gwanjo kuwa ka wanke shi sosai ya bushe ƙarau kafin sawar farko. Ka kwance igiya kafin ka cire, kada ka taka bayansa kamar silifa. Da hunturu ka riƙa shafa man kaɗanya a dunduniya, domin faso yana sa mutum ya sauya taku bai sani ba. Baduku zai iya ɗinke maka yagewa, ya mayar da robar da ta ɓalle, har ya liƙa siririyar roba inda ta cinye. Ka ce ya yi wa ƙafa biyun daidai, kuma kada ya yi kauri, in ba haka ba ya sauya maka gangare. Abin da ba zai iya ba shi ne tada mataccen soso.

Kalma ta ƙarshe a kan ciwo. Takalmi ba ya gyara gaggawa. Wanda ya tashi daga kilomita 10 a mako ya koma 40 saboda gwaji ya matso, zai ji rauni ko da me ya sa a ƙafa. In ciwo ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashin ƙwabri ko na tafin ƙafa, yana ƙaruwa in kana gudu, ko yana sa ka ɗingishi, ka tsaya ka je likita, kada ka rufe shi da ƙwaya ka ci gaba. Ɗan ƙanwata ya yi wata biyar da takalmansa biyu ba tare da ya rasa mako ko ɗaya ba, kuma ya shiga gwajinsa da farce goma lafiya. Ƙannena maza da mata, Lahadin da za ku shiga kasuwa, ku tafi da tsinken awonku da safarku, ku gwada, ku sassarfa, ku saurari abin da ƙafa za ta ce kafin ku saurari mai rumfa. Allah Ya ba ku lafiya da nasara.